Yadda ake dasa hoton mota ko babur a kan hoton titin da babu kowa, har tayoyin su taka ƙasa

Wani Alhaji mai sayar da motoci a gefen hanya ya taɓa kawo mini aikin buga bana, wato babban hoton talla da ake ratayawa, a shagona da ke Aboabo, nan Kumasi. Yana son Corolla ɗinsa ta fito ita kaɗai a kan titi mai tsabta. Na samo hoton mota, na yanke, na ɗora a kan hoton titi, na zuba baƙar inuwa a ƙasa, aka buga. Da aka rataya, sai ya ja da baya ya daɗe yana kallo, ya ce mini, "Malam, wannan motar tashi za ta yi?" Da kuɗina na sake bugawa. Kuskuren da na yi ba a inuwar yake ba. An ɗauki hoton motar ne daga tsugune, an ɗauki na titin daga tsaye, kuma babu inuwar da za ta sasanta waɗannan biyun. Shi ya sa a nan za ka ga na daɗe a kan awo kafin in taɓa burushi.

Kayan aiki

Kwamfuta mai Photoshop. In babu, Photopea yana buɗewa a burauza kyauta, kuma sunayen kayan aikinsa kusan duk ɗaya ne da waɗanda zan ambata. Linzami na hannu ya fi na jikin laftof nesa ba kusa ba wajen yanke taya. Sai wayar da za ka ɗauki hoto da ita, da tef ɗin awo irin na tela ko na kafinta, da guntun alli. In ka samu sanda madaidaiciya mai tsayin mita ɗaya, ko da sandar mofa ce, ɗauke ta, za ta yi maka amfani wajen inuwa.

Sai hotuna biyu, na titi da na mota. In wani ne zai turo maka ta WhatsApp, ka ce ya turo a matsayin Document, don turawar da aka saba tana matse hoto ta cinye zanen taya da tsakuwar kwalta, su ne kuwa abin da za mu yi aiki da su.

1. Ɗaukar titin

Safiyar Lahadi Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, kan yi tsit domin yawancin shaguna a rufe suke, kuma layukan unguwa ma sukan yi sauƙi kafin rana ta ɗaga. Nemi wurin da ya yi shimfiɗa. Kumasi gari ne mai hawa da gangara, saboda haka sai ka ɗan zaɓa.

Ka tsaya, ka auna daga ƙasa zuwa kamarar wayar, ka rubuta. A misalin da zan bi har ƙarshe, mita 1.5 ne. Ka bar kamarar a kan 1x, kada ka sa 0.5x, don wannan yana miƙe duk abin da ke gefen hoto. Ka kunna Grid, ka riƙe wayar a miƙe, kada ta duƙa ta kalli ƙasa. Alamar cewa ta miƙe ita ce sandunan wuta da kusurwoyin gini su tsaya cak, ba su karkata ciki ko waje ba.

Daga nan ka sa yaro ya riƙe sandar nan a tsaye a daidai inda kake son tayar gaba ta sauka, ka sake ɗauka ba tare da ka motsa ƙafarka ba. Wannan hoto na biyu ba ya shiga cikin aikin. Shi zai gaya maka inda inuwa ta nufa da tsawonta da kaifin bakinta. Ka yi alama da alli a inda ka tsaya da inda sandar ta tsaya, ka auna tsakaninsu. Nawa mita 5 ne. Ka rubuta lokaci kuma. Nawa ƙarfe 9 na safe, ina fuskantar arewa, rana tana damana.

2. Nemo layin ido

Layin ido shi ne layin da sama za ta haɗu da ƙasa da a ce babu gini babu bishiya. A cikin gari ba ka ganinsa, sai ka zaƙulo shi. Buɗe sabuwar leya, wato Layer, ka ɗauki Line Tool da jan launi, ka bi bakin gota na dama ka ja layin har ya zarce cikin hoton. Ka bi na hagu ma. Inda suka gamu shi nake kira mahaɗa. Danna Ctrl+R, ka jawo Guide daga sama ka ajiye shi a kwance a kan mahaɗar. Layin idonka ke nan.

Kada ka yarda da layi biyu kawai. Ƙara na uku daga ƙasan tagogi ko jerin bulo na katangar da ke bin titin. In ya faɗa kan mahaɗar, to madalla. In layukan gini sun haɗu a wuri ɗaya, na gota kuma sun haɗu sama ko ƙasa da nan, titin yana da hawa ko gangara. A irin wannan halin mota titi take bi, don haka mahaɗar gota za ka riƙe. Amma ga mai koyo, gara ka sake neman titi mai shimfiɗa.

Ga abin da ya sa wannan layi ya fi komai: a kan ƙasa mai shimfiɗa, layin ido yana yanke kowane abu a daidai tsayin kamararka, ko abin yana kusa ko yana nesa. Na ɗauka a mita 1.5, saboda haka duk abin da ke tsaye a titin nan, layin zai ratsa shi a mita 1.5 daga ƙasa. Corolla tsayinta wajen mita 1.45 ne. Ke nan duk inda na ajiye ta, ko a gabana ko can ƙarshen layi, rufinta zai tsaya dab da ƙarƙashin layin. Motar da rufinta ya haura layin sosai ta zama girman trotro, bas ɗin haya. Wadda ta tsaya rabi kuwa ta zama motar wasan yara.

3. Zaɓen hoton motar

Nan ne mutane suka fi faɗuwa, don mota mai ƙyalli suke nema, ba wadda ta dace ba. Hoton motar dole ya yi daidai da na titin a abu uku: tsayin kamara, nisa, da gefen da rana take.

In motar tana hannu, kamar ta Alhaji, ka huta. Ka kai ta fili, ka juya ta yadda rana za ta bugo daga gefen da ta bugo a titin, ka tsaya mita 5 daga tayar gaba, waya a mita 1.5, a kan 1x, a kusan lokaci ɗaya na safe. Minti goma na wannan ya fi awa uku na gyara.

In kuwa hoton da aka riga aka ɗauka ne, sai ka gwada shi. Tayar gaba da ta baya girmansu ɗaya a zahiri, don haka ka ja layi ya taɓa ƙasan su biyun, ka ja wani ya taɓa samansu, ka zarce da su ta bayan motar har su gamu. Inda suka gamu yana kan layin idon wannan hoton. Yanzu duba: a wane tsayi na motar layin ya ratsa? In ta wajen rufi ne, ya dace da titinmu. In ta fitila ko hannun ƙofa ne, mai hoton tsugunawa ya yi, kamar yadda masu tallan mota suke so don ta yi kwarjini. Ajiye shi. In kana ganin saman rufin a fili, daga bene aka ɗauka. Shi ma ajiye shi.

Nisa kuma a tayoyi ake gane shi. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Corolla wajen mita 2.6 zuwa 2.7 ne. In na tsaya mita 5 daga ta gaba, ta baya tana sama da mita 7.5, don haka a hoto za ta fito wajen kashi biyu cikin uku na ta gaba. Mai hoton da ya tsaya mita 15 da dogon lens, tayoyinsa biyu kusan girma ɗaya za su fito. Irin wannan motar in ka sa ta a gaban hoton waya, sai ka ga kamar an danne ta da dutsen guga. Mafita ita ce ka tura ta can nesa cikin titin, inda nisan ya dace da ita.

Kada ka yi saurin danna Flip Horizontal don rana ta koma gefen da kake so. A Ghana dama muke bi tun 1974, sitiyarinmu yana hagu. Ka juya hoto, direba ya koma dama, rubutun lamba ya koma baibai, kuma ɗan tasha zai gani kafin ka gama nuna masa. In dole ne a juya wani abu, juya titin, muddin babu rubutun shago a cikinsa. Ka kuma tuna gefen da motar za ta tsaya: wadda ke tahowa wajenka tana hagun hoton, wadda ke tafiya tana dama.

4. Yankewa

Ni Pen Tool nake amfani da shi ga mota, don jikinta layuka ne masu santsi, kuma Select Subject yakan ci bakin taya inda baƙin roba ya haɗu da baƙin inuwa. Ka bi ta cikin bakin motar da kamar fiksel ɗaya, don kada hasken tsohon wurin ya biyo ka. Ka mayar da zaɓin Layer Mask, kada ka goge da Eraser, domin za ka dawo ga ƙasan tayoyin nan gaba.

Kada ka manta da tagogi. Ta cikin gilashi ana hango tsohon wurin, wata ƙila katangar garejin Alhaji. Ka zaɓi inda ake gani ta ciki, ka shafa baƙi mai Opacity 60% a kan Mask ɗin, sabon titin ya ɗan leƙo. Sannan danna dama a kan leyar, Convert to Smart Object, don ka iya ƙara girma da ragewa ba tare da hoton ya lalace ba. Lambar motar mutane kuwa, ka rufe ta ko ka nemi izini kafin ta hau bana.

5. Girma da wurin zama

Ga lissafin, kuma ba shi da wuya. Danna F8 ka buɗe Info, ka sa ma'aunin a kan Pixels. A hotona mai faɗin 4000 da tsayin 3000, layin ido yana Y 1400. Inda sandar yaron ta taɓa ƙasa yana Y 2300. Tsakaninsu fiksel 900, kuma wannan 900 ɗin shi ne mita 1.5 a daidai wannan wurin.

```
900 / 1.5  = 600
600 x 0.63 = 378
```

Layin farko ya ce a wurin tayar gaba, kowace mita ɗaya fiksel 600 ce. Na biyu kuma tsayin taya ne. Taya mai lamba 195/65 R15, wadda ake yawan gani a irin waɗannan motoci, tsayinta wajen santimita 63 ne, don haka a hoton za ta zama fiksel 378. Na fi son auna taya a kan auna rufi, saboda taya tana tsaye a daidai wurin da na auna, rufi kuwa yana can baya da ita.

Danna Ctrl+T, ka rage ko ka ƙara motar ba tare da ka matse faɗinta ba, har tayar gaba ta kai 378, ƙasanta a kan 2300. Yanzu duba ta baya. A nawa ta sauka wajen Y 1990, wato fiksel 590 ƙasa da layin ido, tsayinta kuma wajen 250. In ba ka son lissafi, ga yadda ido zai duba: daga inda kowace taya ta taɓa ƙasa zuwa layin ido, tayar ta cinye kashi biyu cikin biyar, da ɗan ɗoriya. Ta gaba haka, ta baya haka. In ta gaba ta yi daidai amma ta baya ta fi haka girma, bayan motar zai yi kamar an ɗaga shi da jak.

Sai ka sake jan layukan nan biyu na sama da ƙasan tayoyi. In motar tana bin titi sak, dole su faɗa kan mahaɗar gota. In ta ɗan karkata kamar mai shirin fakin, za su gamu a wani wurin, amma dole a kan layin ido. In sun kuskure da kaɗan, ka ɗan juya motar da digiri ɗaya ko biyu, ko ka matsar da ita hagu ko dama. Sau da yawa matsarwar kaɗai ta isa, domin gefen motar da ake gani yana ƙaruwa ne gwargwadon nisanta daga mahaɗa. Edit > Perspective Warp yana gyara ƙaramin saɓani, amma ka sa ido a kan wili. Da zarar ya fara zama kamar ƙwai mai karkata, ka wuce gona da iri. Wannan kayan aikin ba zai nuna maka rufin da kamara ba ta gani ba.

6. Inda taya ta taka ƙasa

Je ka tsuguna kusa da kowace mota da ke fake a layinku ka kalli ƙasan tayar. Ba da'ira ba ce cikakkiya. Nauyin mota ya danne ta, ƙasan ya baje kamar tafin hannu, gefen ya ɗan kumbura. Kuma tsakanin roba da kwalta akwai siririn layi baƙi ƙirin wanda haske ba ya shiga ko da tsakar rana. Wannan layin shi ne abin da ido ke nema kafin ya yarda mota tana da nauyi.

Ka ƙara girman allo zuwa 300%. Ƙara sabon Layer Mask a kan motar, ka ɗauki burushi mai tauri, ka aske ƙasan kowace taya kaɗan, fiksel 4 zuwa 6 a ta gaba, ƙasa da haka a ta baya. Askin ya bi shimfiɗar titi, wato gefensa mai tsawo ya nufi mahaɗa. In titin jar ƙasa ne irin na cikin unguwa, ka ƙara askewa, kuma ka yi shi da burushi mai gutsiri-gutsiri yadda tsakuwa da ƙura za su hau kan robar. Taya tana nutsewa a ƙasa, ba ta nutsewa a kwalta.

Yanzu buɗe leya a ƙarƙashin motar, ka sa ta a Multiply, ka ba ta suna don kada ka ruɗe. Launin kada ya zama baƙi tsantsa. Ɗauki Eyedropper ka tsotso daga wuri mafi duhu a titin, kamar cikin gota ko ƙarƙashin kiyos. Da ƙaramin burushi, Hardness wajen 70%, ka ja siririn layi a ƙarƙashin kowace taya, ya leƙo waje da fiksel 3 ko 4 kawai. Sannan ka sauya zuwa burushi mai laushi, Flow 10%, ka ɗan shafa kewaye da shi ya baje kamar faɗin yatsu biyu na zahiri. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne a yi wa tayar ƙaton baƙin gammo. Gammo yana ɗaga mota ne, ba ya saukar da ita.

Abu na gaba mutane da yawa ba sa yi: ita kanta tayar tana duhu a ƙasanta. Buɗe leya a saman motar, danna Ctrl+Alt+G ta manne da ita, Multiply, ka shafa duhu a kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan robar. In ka bar farin zare ko da na fiksel ɗaya tsakanin taya da inuwarta, motar ta tashi ke nan. Kuma ka ƙirga tayoyin. Ta ɗaya gefen da ake hangowa ta ƙarƙashin bamba ita ma tana son nata layin.

7. Duhun ƙarƙashin mota

Wannan inuwa ta biyu tana nan ko da rana ko babu, domin cikin motar ya tare hasken sama. Da Polygonal Lasso ka zana shimfiɗar motar a ƙasa, kusurwa huɗu, dogayen gefunan suna nufar inda layukan tayoyin motar suka gamu. Ni na fi son in yi duhun da Curves maimakon fenti: da zaɓin a kunne, ka ƙara Curves a ƙarƙashin motar, ka ja tsakiyar layin ƙasa. Ta haka tsakuwar kwalta da tabon mai suna nan ana ganinsu cikin duhun, kamar yadda suke a gaske. Ka tausasa bakin da Gaussian Blur a kan Mask ɗin, 15 zuwa 25 a hoto mai girman nawa, tsakiya ta fi duhu, baki ya fi haske.

Ga wani ɗan abu da ke raba gwani da ɗan koyo. A gefen da rana take, haske yana kutsawa ƙarƙashin motar. Cikin ƙaramar mota yana sama da ƙasa da wajen santimita 15, kuma da ƙarfe 9 ranar tana tsakiyar hawanta, don haka hasken yana shiga ciki da kusan wannan awon. Ke nan a wannan gefen duhun ba ya farawa daga bakin ƙofa, yana farawa ne daga ɗan ciki, kuma tayoyin gefen suna tsaye cikin rana, inuwarsu ta shige ƙarƙashi.

8. Inuwar rana

Koma ga hoton yaro da sanda. A nawa, inuwar ta kwanta hagu sak, tsawonta kusan daidai da tsayin sandar. Haka abin yake a nan wajen ƙarfe 9 na safe da 3 na yamma. Da ƙarfe 8 ta kusa ninki biyu. Da azahar kuwa, tun da muna kusa da tsakiyar duniya, rana tana kan kai, inuwar mota tana ƙarƙashinta kusan gaba ɗaya, sai ka ga mataki na 7 ya ɗauke rabin aikin.

Kada ka taɓa Drop Shadow, don wannan inuwar takarda ce a kan bango. Kwafin motar da aka cika da baƙi aka kwantar da Distort shi ma yakan ba da siffar ƙarya, domin rana ba ta ganin motar daga inda kamara ke ganinta. Gina ta da ɗigo-ɗigo. Zaɓi wurare biyar ko shida a gefen motar da ke nesa da rana: kusurwar bonet, gindin gilashin gaba, gaban rufi, bayan rufi, kusurwar but. Ga kowanne, ka sauke layi tsaye zuwa inda zai taɓa ƙasa, sannan daga nan ka ja layi zuwa inda inuwa ta nufa, tsawonsa daidai da tsayin da ka sauke, tun da sandata ta ce ɗaya da ɗaya ne. Ka haɗa ɗigogin da Pen Tool. Za ka ga inuwar bonet gajera ce, ta rufi ta fi tsawo, kuma duk tana tsukewa tana nufar mahaɗa.

In inuwar titinka ba a kwance take sak ba, tana tahowa wajenka ko tana tafiya, to layukan inuwa ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Bi inuwar sandunan wuta biyu ka zarce da su har su gamu a kan layin ido, kuma duk layin inuwar motar daga wannan ɗigon zai fito. In babu sanda a hoton, kusurwar kiyos ko ta katanga ta isa.

Duhunta kuma kada ka ƙirƙira. Sa Eyedropper a kan inuwar gaske da ke kwance a kwaltar, ka duba lambobin a Info, ka ja Curves ɗinka har taka ta yi kusa da su. Bakin inuwa yana da kaifi kusa da taya, yana laushi can nesa, amma kaɗan ne: a rana mai tsabta, wajen santimita ɗaya ga kowace mita ɗaya ta nisa. Mutane suna zuba Blur fiye da kima. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana sa inuwa ta yi fari-fari da laushi, sai ka bi abin da sandarka ta nuna. In sama ta rufe da hadari kuwa, tsallake wannan matakin ɗungurungum.

A hotona inuwar ta kai bakin gota. A nan ba ta wucewa a miƙe, tana faɗawa ciki ta ɓace a duhun gotar, sannan ta sake bayyana a ɗaya bakin. Da katanga ce, da ta karye ta hau tsaye. Inda kuma ta shiga inuwar wani gini, ka goge taka a wurin, domin inuwa biyu na rana ɗaya ba sa ninka duhu.

In kai ka ɗauki motar a kan fili mai haske, rana a gefen da ya dace, akwai gajeriyar hanya. Ka sa cikakken hoton motar a ƙarƙashin wadda ka yanke, Multiply, ka ja farin maɓallin Levels har filin ya zama fari ya ɓace, inuwar asali ta rage. Ka share sauran da Mask. Babu inuwar hannu da ta kai wannan.

9. In babur ne

Awon duk ɗaya ne, sai dai babur gajere ne. Sirdinsa wajen santimita 80 yake, don haka a hoton da aka ɗauka a mita 1.5 zai tsaya ɗan sama da rabin hanya tsakanin ƙasa da layin ido, kuma dole ka ga saman sirdi da tanki. Ka lura tayar gaba da ta baya ba lallai su zo girma ɗaya ba, ka auna da tef kafin ka dogara da layukan mataki na 3.

Babur da babu kowa a kai ba ya tsayawa da kansa. Ko dai yana kan ƙafar gefe, ya karkata hagu, wurin taɓa ƙasa uku ne, ko yana kan ƙafar tsakiya, taya ɗaya ta ɗan ɗaga, kuma wannan tayar ba a yi mata baƙin layi. Na sha ganin fosta da aka miƙar da babur tsaye cak alhali ƙafar gefen tana lilo a iska. Juya hoto ma ya fi tona asiri a nan, don a yawancin baburan da ke yawo a gari ƙafar gefe da sarƙa suna hagu, salansa tana dama.

Tayarsa siririya ce mai zagayayyen baki, wurin takawarta bai wuce ƙwai ɗaya a kwance ba, don haka layin duhun ya zama gajere. Babu faffaɗan duhun ƙarƙashi irin na mota, sai ɗan kaɗan a ƙasan inji. Inuwar ranarsa kuwa mai ramuka ce: zobe biyu na tayoyi da haske a cikinsu, dunƙulen inji da tanki, siraran hannuwa da madubi. Kowane zobe dole ya taɓa tayarsa a daidai inda ta taka ƙasa. Wajen yankewa kuma ka huda tsakanin wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba tsohon wurin zai biyo ka a ciki.

10. Daidaita launi da dubawa

Manna Curves a kan motar, ka daidaita wurin da ya fi duhu a jikinta da wurin da ya fi duhu a titin. In baƙin taya ya fi duk wani baƙi na hoton ƙarfi, za ta fito kamar sitika. A kan jar ƙasa, ƙasan ƙofofi da bamba suna ɗaukar ja-ja daga ƙasa, sai ka tsotso launin ka shafa kaɗan a leya mai Soft Light. In motar ta fi titin kaifi, ka ba ta Gaussian Blur na 0.5, sannan Add Noise 1% ko 2%, Monochromatic, har ƙwayar hoton ta zama iri ɗaya a 100%.

Ina dubawa ta hanya uku. Na farko, in ɗora Black & White a saman komai, don launi yana ɓoye kuskuren duhu. Na biyu, in ɗora Curves in ja shi sama sosai na ɗan lokaci, sai duk farin zare da ke ƙarƙashin taya da duk gammon da na manta su bayyana. Na uku, in tura hoton a wayata in kalle shi ƙarami, domin a ƙaramin hoto motar da ke shawagi ba ta ɓuya. In har yanzu tana shawagi alhali inuwa ta yi kyau, kunna leyar jajayen layukan nan ka sake auna tayar baya. Ka adana aikin a matsayin fayil ɗin PSD da layukan a ciki, a kashe, don in Alhaji ya dawo ya ce a sa Vitz a maimakon Corolla, awon titin yana nan, tayar sabuwar motar kawai za ka auna.